Wasiƙar "an ba ka sikolashif ɗin Kanada, turo 45,000": yadda ake gane ta gaske da ta bogi

Kwanakin baya wani ƙanina, ɗan gwaggona, ya turo min hoton wata wasiƙa da daddare, ya biyo ta da saƙon murya yana ta haki kamar wanda ya yi tsere, wai Yaya Allah ya yi, na samu sikolashif na Kanada, komai kyauta har kuɗin jirgi da wajen kwana, kawai dai sun ce in biya naira 45,000 na rajista kafin jibi ƙarfe 12 na dare in ba haka ba za su ba wani gurbin. Wasiƙar in ka ganta sai ka rantse da gaske ce. Ga jan ganyen nan na tutar Kanada a sama, ga hatimi, ga sa hannun wani wai shi ne darakta, ga sunan yaron cikakke da manyan baƙi. Gwaggo har ta fara maganar a sayar da tunkiya.

Tambayar farko da na yi masa ita ce, yaushe ka nema? Sai ya yi ɗan shiru, ya ce ai wani linki ne aka turo a guruf ɗinsu na 'yan makaranta, ya cike suna da lambar waya da imel da kwas ɗin da yake so, bayan kwana uku sai ga wasiƙa. Ba su tambaye shi sakamakon jarrabawa ba, ba takardar shaida daga malami, ba rubutun me ya sa kake son wannan karatu, ba intabiyu. To wa zai ɗauki nauyin karatun shekara huɗu na mutumin da bai ga ko sakamakonsa na sakandare ba? Tun daga nan biri ya yi kama da mutum, amma na san in na ce masa damfara ce kawai ba zai yarda ba, zai ga kamar baƙin ciki nake masa, shi ya sa muka zauna muka bi abin daki-daki, kuma abin da muka bi ɗin shi nake so in shimfiɗa a nan.

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai duk abin da aka ce ka biya kuɗi to na ƙarya ne. Maganar tana da rabin gaskiya, kuma rabin da ba gaskiyar ba shi ne yake ba 'yan damfara mafaka. Domin tafiya karatu waje akwai biyan kuɗi na halak a cikinta, da yawa ma, kuma duk wanda yake da ɗan'uwa a waje ya san haka, to sai ɗan damfara ya ce maka ai ka tambayi kowa, ba a zuwa Kanada ba a biya komai ba, ka tambaya a ce maka e haka ne, shi ke nan ka saki jiki. Abin da ya kamata a duba shi ne wa ake biya, a wane mataki ake biya, kuma ta wace hanya kuɗin yake bi. Abubuwa uku ne daban-daban da suke cakuɗa maka su wuri ɗaya da gangan: neman sikolashif, neman gurbi a makaranta, da neman biza. Kowanne da mai shi, kowanne da ƙofarsa.

Neman sikolashif shi kansa, a manyan shirye-shiryen da aka sani, kyauta ne. Chevening na gwamnatin Birtaniya ba a biyan ko sisi wajen nema, a chevening.org ake cikewa, ana buɗewa wajen watan Agusta, kuma sai kana da digiri da aikin da ya kai na shekara biyu, su suna lissafa shi awa 2,800. Na gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, wanda yaranmu da yawa suke nema, shi ma kyauta ne, an saba buɗe shi daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu a turkiyeburslari.gov.tr. Haka Stipendium Hungaricum na Hungari, da na Commonwealth, da MEXT na Japan da ake bi ta ofishin jakadancinsu. Abin lura a dukkansu, suna da lokacin buɗewa da rufewa da ake sanarwa a fili, kuma daga rufe fom zuwa fitar sakamako watanni ake ɗauka, mai neman Chevening sai wajen watan Yuni na shekara mai zuwa yake sanin matsayinsa. Wanda ya ba ka amsa cikin kwana uku, ko na'ura ce take tura wasiƙar ga duk wanda ya cike, ko wani ne zaune da waya yana canza suna.

Gurbi a makaranta kuma nan ne ake biyan kuɗin fom na gaske. Jami'o'in Kanada yawanci suna karɓar kuɗin nema, wajen dalar Kanada 100 zuwa 200 gwargwadon makaranta, kuma ba a dawo da shi ko ba a ɗauke ka ba. Amma duba yadda ake biyansa: kai ne za ka shiga shafin makarantar, ka buɗe akawun da imel ɗinka, ka cike fom, ka ɗora takardu, a ƙarshe shafin ya kai ka wajen biya da kati, rasit ya fito da sunan makarantar. Kuma ana biya ne kafin a duba takardunka, lokacin da ba wanda ya yi maka alkawarin komai. Ita kuwa wasiƙar ƙanina tsarin a juye yake, an fara ce masa ya ci, sannan aka ce ya biya kuɗin nema. Ka taɓa ganin an ba mutum sakamakon jarrabawa sannan a ce ya zo ya sayi fom ɗinta?

Sai na ce ya turo min inda aka ce ya tura kuɗin. Lambar akawun ce mai lamba goma ta wani bankin waya na nan gida, da sunan mutum, suna da sunan mahaifi. Da ya yi musu magana a kan haka sai suka ce wai ai wakilinsu ne na Afirka ta Yamma, an yi haka ne don a sauƙaƙa wa ɗalibai matsalar canjin dala. Wannan amsar ta sha fitowa, kuma tana shiga kunne saboda kowa ya san wahalar biyan kuɗi waje da katin naira. Amma makarantun da suke son sauƙaƙa wa ɗaliban waje biya suna da kamfanonin da suke aiki da su irin Flywire da Convera, kuma daga cikin shafin makarantar ake shiga wajensu, da lambarka ta ɗalibi, kuɗin ya je ya bayyana a akawun ɗinka na makaranta. Jami'a ko gwamnati ba ta karɓar kuɗinta ta akawun ɗin wani bawan Allah, balle katin waya ko kirifto.

Daga nan muka koma kan adireshin. Wannan wajen zan ɗan daɗe a kai don shi ne abin da mutum zai iya yi da wayarsa cikin minti biyar ba tare da ya tambayi kowa ba. Imel ɗin da ya turo wasiƙar yana ƙarewa da gmail.com, sunan dai an rubuta shi da girma, ofishin sikolashif na kaza, amma abin da ke bayan alamar @ shi ne gaskiyar magana, kuma kowa zai iya buɗe gmail da sunan da ya ga dama. Shafin gwamnatin Kanada canada.ca ne, imel ɗin ma'aikatunta kuma da gc.ca ko canada.ca suke ƙarewa. Na Birtaniya gov.uk, jami'o'inta ac.uk. To su ma 'yan damfara sun san mutane sun fara wayewa da wannan, sai suke saka sunan gaske a farkon adireshi su ɓoye nasu a ƙarshe. Dubi waɗannan biyun, na biyun ni na ƙirƙira shi don misali:

```
www.canada.ca/en/immigration-refugees-citizenship.html
canada.ca.guraben-karatu.com/apply
```

Yadda ake karantawa shi ne ka tsallake https:// in yana nan a farko, ka nemi sandar nan mai karkata ta farko, wato /, ka dawo baya, abin da yake manne da ita ta hagu shi ne mai gidan. A na farko canada.ca ne. A na biyu guraben-karatu.com ne, canada.ca ɗin da ke gaba ado ne kawai, kamar mutum ya rubuta sunan banki a jikin shagonsa. In kana son ƙarin tabbaci ka shiga lookup.icann.org ka rubuta sunan mai gidan, zai nuna maka ranar da aka yi wa shafin rajista. Shafin da aka turo wa ƙanina bai cika wata biyu da haihuwa ba, alhali a cikin shafin sun rubuta wai sun fi shekara ashirin suna kai ɗalibai waje. Makullin nan da ke fitowa a gefen adireshi kuma kar ya ruɗe ka, kyauta ake samunsa, shafin damfara ma yana da shi.

Yanzu makarantar da aka ambata a wasiƙar. Kanada tana da jerin makarantun da aka yarda su ɗauki ɗaliban waje, ana ce musu DLI, jerin yana nan a canada.ca, lardi-lardi, kowace makaranta da lambarta mai farawa da harafin O. In makaranta ba ta cikin jerin to ko da tana nan da gininta da ɗalibanta, takardarta ba za ta samo maka izinin karatu ba. Muka duba, sai ga makarantar tana ciki, jami'a ce ta gaske. Nan ƙanina ya ce ka gani ko Yaya? Na ce dakata tukuna, samun sunan makaranta a jeri yana nuna makarantar ce ta gaske, bai ce komai a kan wasiƙar da ke hannunka ba, ai wanda zai buga jabun kuɗi ba zai ƙirƙiro sabon banki ba, na gasken zai kwaikwaya.

Abin da ya raba gardama shi ne tambayar makarantar da kanta. Amma a nan ma akwai tarko, kar ka ɗauki imel ko lambar waya daga jikin wasiƙar, don in ka yi haka ɓarawon za ka tambaya ko shi ɓarawo ne. Muka bi daga jerin gwamnati muka gano shafin jami'ar, muka nemo adireshin ofishin ɗaukar ɗaliban waje, muka tura musu hoton wasiƙar da layi biyu na Turanci mai sauƙi, cewa an turo min wannan, shin daga wajenku take, kuma akwai wannan lambar ɗalibi a rajistarku? Bayan kwana huɗu suka amsa cewa ba su da wannan shiri, ba su da wannan suna, kar a biya kowa. Wa'adin jibi ƙarfe 12 ɗin kuwa ya wuce, maimakon a ba wani gurbin sai ga saƙo wai an yi masa alfarma an ƙara masa kwana biyu, har da ragi, ya kawo 30,000. Sikolashif da ake yin ciniki a kai kamar tumatir da yamma.

Wani zai ce to 45,000 ce fa, in ta tafi ta tafi, a gwada sa'a. Matsalar ita ce 45,000 ɗin ƙofar shiga ce kawai, suna gwada wa zai biya. Wanda ya biya, bayan sati sai a turo masa wata takardar mai kyau a ce saura kuɗin inshorar lafiya, bayan ita kuɗin tantance takardu, sannan kuɗin biza, sannan a nuna masa hoton tikiti a ce ya cika wani abu a kai, kowane mataki ya fi na baya tsada, kuma a kowane mataki mutum yana tuna abin da ya riga ya zuba sai ya ji ba zai iya tsayawa ba, ga shi an riga an sanar a dangi, an fara yi masa Allah ya sa alheri. Kunyar a ce an damfare shi ita take sa ya ci gaba da biya fiye da kwaɗayin ma. Ga kuma hoton fasfo da lambar NIN da ya tura musu, waɗanda za su iya yin wata ɓarnar da su da sunansa.

Mu zo kan biza, don nan ne ƙarya take fi yawa kuma nan ne gane ta ya fi sauƙi in ka san yadda ta gasken take tafiya. Izinin karatu na Kanada hukumar shige da ficensu ce take bayarwa, IRCC, kuɗin nema dalar Kanada 150, ɗaukar hoton yatsu kuma dala 85, duka a cikin akawun ɗinka na shafinsu ake biya. Bayan ka nema za su turo maka takardar umarni ka je da ƙafarka cibiyar VFS, kamfanin da ke karɓar takardun masu neman biza, a Abuja ko Legas a ɗauki yatsunka da hotonka, sannan akwai gwajin lafiya a wajen likitocin da su suka amince da su, jerin sunayensu yana shafinsu. Ba ejan da zai dangwala yatsa a madadinka. Saboda haka duk wanda bai taɓa zuwa an ɗauki yatsunsa ba, aka turo masa hoton biza a WhatsApp aka ce ta fito saura cikon kuɗi, to a kwamfuta aka zana ta. Wani abin ma da mutane ba su sani ba, takardar izinin karatun ita kanta ba a ba da ita a nan, abin da ake ba ka kafin tafiya biza ce a fasfo da wasiƙar gabatarwa, sai ka sauka a filin jirgin Kanada jami'in kan iyaka ya duba ka sannan ya buga maka izinin. Wanda ya nuna maka naka izinin kana zaune a Kano ko Maraɗi ya tona wa kansa asiri.

Kuma ko a ce takardar bogin ta kai ka har wajen neman biza, ƙofar ta riga ta ƙuntata. A 2023 an yi wata badaƙala da ta shafi ɗaliban Indiya masu yawa, waɗanda wani ejan ya haɗa musu takardun adimishan na jabu, suka shiga Kanada, wasu har sun gama karatu a wasu makarantun, sai da suka zo neman zama na dindindin aka gano, aka fara maganar korarsu. Bayan wannan, daga 1 ga Disamba 2023 IRCC take tura kowace takardar adimishan ga makarantar da aka ce ita ta bayar don ta tabbatar. Daga Janairun 2024 kuma aka ƙara wata takardar daga lardin da makarantar take, ana ce mata PAL, wadda yawancin masu zuwa digirin farko da difloma sai da ita, kuma ta hannun makaranta take fitowa. Hukuncin gabatar da takardar ƙarya haramcin shiga ne na shekara 5, a Birtaniya yana kai shekara 10, kuma cewa ejan ne ya yi ni ban sani ba da wuya ta fitar da kai, don da sunanka aka nema. Ka ga an ci kuɗinka, an kuma ɓata maka suna a wajen da wataƙila nan gaba za ka samu damar gaske.

Akwai lissafi ɗaya da nake so duk mai wannan buri ya riƙe, don yana kashe ƙarya da yawa tun kafin a fara. Kanada tana so mai neman izinin karatu ya nuna yana da kuɗin zama na shekara guda ban da kuɗin makaranta da na jirgi. A farkon 2024 suka ɗaga shi daga dala 10,000 zuwa 20,635, a Satumbar 2025 ya koma 22,895, wanda in ka juya shi ya haura naira miliyan 20. Mai sikolashif na gaske takardar sikolashif ɗin ce take tsaya masa a nan, shi ya sa takardar gaske take faɗin adadi ƙarara, nawa ne na makaranta, nawa ne na zama, shekara nawa, da sharaɗin makin da za ka riƙe. Ta ƙanina cewa kawai ta yi an ɗauke masa komai ɗari bisa ɗari. Kuma irin wannan cikakken tallafi a matakin digirin farko kaɗan ne ƙwarai a Kanada. Shahararren cikinsu, na Lester B. Pearson a Jami'ar Toronto, ɗalibai wajen 37 ake ɗauka a shekara daga duk duniya, kuma sai makarantarka ta sakandare ta gabatar da sunanka. Akwai na gidauniyar Mastercard da ake nema ta jami'o'in da take haɗin gwiwa da su, irin McGill da UBC, shi ma ba a sayar da fom ɗinsa. Waɗanda gwamnatin Kanada take da hannu a ciki kuma suna jere a educanada.ca, in sunan shiri bai fito a can ba kuma ana cewa na gwamnati ne, ka san inda aka dosa.

Birtaniya tsarinta ya yi kama da wannan, sunaye ne suka bambanta. A can makaranta sai tana cikin rajistar masu lasisin ɗaukar nauyin ɗalibai da ke gov.uk, kuma abin da take ba ka lamba ce da ake kira CAS wadda take zaune a rumbun gwamnati, da ita ake cike fom ɗin biza, in ta bogi ce ba za ta dace da komai ba. Kuɗin biza da na lafiya, shi na lafiyar fam 776 ne a shekara ga ɗalibi tun Fabrairun 2024, duka a gov.uk ake biyansu.

Bizar aiki kuma ita ce 'yar'uwar wannan harka, kuma ta fi cin manyan kuɗi. A Kanada mai ɗaukar ma'aikaci daga waje, a mafi yawan lokuta, sai ya nemi wata takarda mai suna LMIA da ke nuna bai samu ɗan ƙasa da zai yi aikin ba, kuɗinta dala 1,000 ne kuma doka ta ɗora shi a kan mai kamfani, an hana shi karɓa daga wajen ma'aikaci. To in aka ce kawo miliyan kaza a saya maka LMIA na aikin gona ko na gidan tsofaffi, ko dai takardar jabu ce, ko kuma ta gaske ce da aka sayar ta haramtacciyar hanya, duka biyun kai ne a ruwa. Na Birtaniya ma haka aka yi ta sayar wa 'yan Najeriya takardun aikin kula da tsofaffi, wasu suka je suka tarar ba aikin, kuma tun 22 ga Yulin 2025 an rufe ɗauko ma'aikatan wannan fanni daga waje, amma har yanzu za ka ga ana tallarsa. Haka cacar bizar Amurka, tun zagayen DV-2015 aka cire 'yan Najeriya daga cikinta, duk da haka kowace shekara sai ka ga an kafa tebur ana cike wa mutane ana karɓar kuɗi. 'Yan'uwanmu na wasu ƙasashen da suka taɓa shiga kuma su sani ba a sanar da wanda ya ci ta imel, mutum ne yake shiga dvprogram.state.gov da lambar da aka ba shi ya duba da kansa.

Ba ina cewa duk ejan ɓarawo ba ne, a yi musu adalci. Akwai masu aikin gaske, akwai kuma mai kafe da zai cike maka fom ka biya shi ladan aikinsa da datarsa, wannan ciniki ne na halak matuƙar ya gaya maka kuɗin aikinsa ne. Inda aka fara ɓata shi ne ya ce kuɗin na masu sikolashif ne, ko ya ce yana da mutum a ambasi, ko ya ba ka garantin biza, alhali jami'in da zai yanke hukuncin ma bai ga fayil ɗinka ba tukuna. A dokar Kanada wanda zai karɓi kuɗi ya ba da shawara ko ya wakilce ka a harkar shige da fice sai lauya mai rajista a can, ko mai lasisin hukumar da ake duba sunayen 'ya'yanta a college-ic.ca. Ka tambayi lambar lasisinsa ka duba, sannan ka tuntuɓi mai lasisin ta adireshin da ke cikin rajistar, don ana satar sunan masu lasisi ma. Masu kai mutane aiki waje daga Najeriya kuma ana buƙatar su riƙe lasisin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Kuma ko da wa kake aiki, imel ɗin da aka buɗe akawun da shi ya zama naka, kalmar sirri tana hannunka, ka iya shiga ka ga abin da aka tura da sunanka. Ejan da ya hana ka wannan akwai abin da ba ya so ka gani, galibi takardar banki ce ta bogi da ya cusa.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗin, ya garzaya bankinsa a ranar, da rasit da hotunan hirar, ya shigar da ƙorafi a rubuce don a nemi bankin da kuɗin ya shiga ya riƙe akawun ɗin, sannan ya kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC. Gaskiya dawowar kuɗin ba tabbas, don da sun shiga ake kwashe su, amma awannin farko su ne damar da ake da ita. Kar ya goge hirar don haushi. Kuma ya yi hattara da wanda zai ɓullo daga baya ya ce zai ƙwato masa kuɗinsa in ya ba da wani abu, sau da yawa mutanen farko ne suka sake riga.

Shi dai ƙanina tunkiyar Gwaggo ta tsira. Da ya rubuta a guruf ɗin nasu cewa jami'ar ta ce ba ta san zancen ba, sai ga mutum uku sun biyo shi ta gefe, biyu sun riga sun biya 45,000, ɗaya har ya kai mataki na biyu ya ba da na inshora, kuma da suka jera wasiƙunsu sai suka ga lambar ɗalibi ɗaya ce a jikin duka huɗun, suna kawai aka canza. Yanzu yana haɗa takardunsa yana jiran Janairu a buɗe na Turkiyya, na ce ya fara da zuwa makarantarsu ya karɓo takardar shaida daga malamai biyu, don ita ce take ɗaukar lokaci.